Gandu da Gayauna: Abin da Iyaye Ke Bin Ku, da Abin da Kuke Bin Su

Kafin ku ci gaba da wannan darasi ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta Fitowa 20:12 da Afisawa 6:1-4, ku bar yatsa a wurin, domin za mu riƙa komawa can.

Duk lokacin da na zauna da zumuntar matasa a nan Dutse muka taɓo zancen gida, tambaya ɗaya ce take dawowa, ko da an sauya mata riga. Wani ya ce, "Baba Fasto, dole ne in yi duk abin da Baba ya ce?" Wata ta ce, "To ni ba ni da haƙƙi ke nan?" In kuma na koma wurin iyaye, sai in ji kukansu daban: yaran yanzu sun san haƙƙinsu, amma ba su san aikinsu ba. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya yana dukan ɗayan da ita. Abin da nake so mu gani yau shi ne, haƙƙi da nauyi a cikin gida igiya ɗaya ce mai baki biyu. Abin da yake haƙƙinka, nauyi ne a kan mahaifinka. Abin da yake haƙƙin mahaifiyarki, nauyi ne a kanki.

Yadda kakanninmu suka tsara abin

Wanda ya tashi a ƙauye, ko a Kiyawa ne, ko Jahun, ko Birnin Kudu, ya san kalmar gandu. Gandu ita ce babbar gonar gida, wadda maigida da 'ya'yansa maza suke nomawa tare. Yaro yakan fita da safe ya yi aikin gandu har rana ta take, abin da aka girbe kuma rumbun maigida yake shiga. In ka tsaya a nan, sai ka ce uba ne kaɗai yake cin riba. Amma tsarin bai tsaya a nan ba. Maigidan da 'ya'yansa suke masa gandu, shi ne zai ciyar da su daga wannan rumbu. Shi ne zai nemo iri da fartanya da garma. A zamanin da ake biyan haraji, shi yake biya wa kowane namiji na gidan. In yaro ya isa aure, ɗawainiyar auren fari tana wuyan uban. Sannan yakan yanka wa yaron ɗan fili nasa na kansa, wato gayauna, wanda zai noma da yamma ko a ranakun da ba a fita gandu, kuma abin da ya samu a ciki nasa ne.

A ɓangaren mata ma haka yake. Yarinya takan taya uwarta sana'a, ta yi mata talla, uwar kuma tana tara wani abu a gefe domin kayan ɗakin yarinyar. Uwar da ta cinye kuɗin tallan 'yarta, ranar biki ta zo ba kwano ba tasa, ita ce ta ji kunya a gari.

Ba ina cewa tsarin nan ba shi da aibi ba. An zalunci yara da yawa a cikinsa, talla kuma ta hana 'yan mata da dama karatu. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, tun kafin a rubuta wata doka a Abuja, mutanenmu sun san cewa uban da ya karɓi ƙarfin ɗansa ya ci bashi. In uba ya ƙi yi wa ɗa aure shekara da shekaru, yaron ya fita daga gandu, mutanen gari ba yaron suke zargi ba. In kuma uba ya sauke nasa nauyin, yaron ya gudu ya bar tsoho da gona a tsakiyar damina, kowa ya san wanda ya yi abin kunya. Yau da yawanku ba ku noma gandu, iyayenku ma'aikata ne a sakatariya, ko 'yan kasuwa, ko malaman makaranta. Amma tambayar ba ta canja ba: mene ne gandun da kake bin gida da shi, mece ce kuma gayaunar da gida yake bin ka da ita?

Girmamawa daban, biyayya daban

A nan ne matasa da iyaye suka fi rikicewa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Littafi Mai Tsarki ya yi amfani da kalmomi biyu, mu kuma mukan haɗa su kamar abu ɗaya ne.

Ta farko tana cikin doka ta biyar a Dokoki Goma, a Fitowa 20:12, inda aka umarci mutum ya girmama uwa da uba. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a wurin ta fito ne daga tushen da yake nufin nauyi. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin mu ma mukan ce "ina jin nauyinsa." Girmama iyaye shi ne ka ɗauke su da nauyi: maganarsu ta yi nauyi a kunnenka, sunansu ya yi nauyi a bakinka, bukatarsu ta yi nauyi a aljihunka. Wannan doka ba ta da ranar ƙarewa, kuma ba a ɗora mata sharaɗin sai iyaye sun kasance nagari ba. Hasali ma, manya aka fara faɗa wa ita a gindin Dutsen Sina'i. Ku duba Markus 7:9-13. A can Yesu ya tsauta wa malaman Attaura saboda sun koya wa mutane wata dabara: mutum ya ce dukiyar da ya kamata ya taimaki iyayensa da ita ya riga ya keɓe ta ga Allah, shi ke nan ya kuɓuta. Yesu ya ce wannan rushe dokar Allah ne. Ashe ke nan girmama iyaye ya wuce durƙuso da "ranka ya daɗe," ya kai ga buhun hatsi da kuɗin magani in sun tsufa. Manzo Bulus ya maimaita haka a 1 Timoti 5:4 da 5:8. Ko a kan gicciye, Ubangijinmu bai tafi ba sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da zai riƙe ta, kamar yadda Yahaya 19:26-27 ya nuna.

Kalma ta biyu ita ce biyayya, wadda take cikin Afisawa 6:1 da Kolosiyawa 3:20. Ita wannan ana faɗa wa 'ya'yan da suke ƙarƙashin renon iyaye ne, irinku, masu ci daga tukunyar gida. Biyayya ita ce a ce ka yi, ka yi. A ce ki bari, ki bari. Kada ku nemi hanyar zamewa: yawancin umarnin da ake ba ku a gida ya faɗa a nan. A ce ka dawo kafin duhu. A ce ki ajiye waya ki ɗora tukunya. A ce ka rabu da wane, ba abokin kirki ba ne. Ba lallai ne ka ga dalili ba, ba lallai ne ma iyayen su yi daidai a kowane lissafi ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yesu da kansa, yana ɗan shekara 12, bayan ya zauna da malamai a Haikali suna mamakin fahimtarsa, ya bi Yusufu da Maryamu ya koma Nazarat ya zauna a ƙarƙashinsu (Luka 2:41-52). In akwai yaron da ya fi iyayensa sani, shi ne, amma ya bi su.

Sai dai biyayya tana da iyaka ta wajen lokaci, tana kuma da iyaka ta wajen abin da aka umarta. Ta wajen lokaci, Farawa 2:24 ya nuna akwai ranar da mutum zai bar gidan iyayensa ya kafa nasa. Daga ranar nan shawara suke ba shi, ba umarni ba, ko da yake shawarar tana da nauyi. Ta wajen abin da aka umarta kuwa, Bulus ya ɗaure biyayyar da Ubangiji. In iyaye suka ce ka yi ƙarya a kan shekarunka, ko ki shiga satar jarrabawa, ko ka kai saƙo wurin boka, ko ki je wurin wani mutum da dare don yana taimakon gida da kuɗi, to a nan ka'idar Ayyukan Manzanni 5:29 ce take aiki: Allah ne gaba da mutum.

Misalin da na fi so a kan wannan shi ne Jonatan, ɗan Sarki Saul. A 1 Sama'ila 19, mahaifinsa ya umarce shi da fadawa su kashe Dawuda. Jonatan bai kashe ba. Amma ku lura da abin da ya yi: bai tara jama'a ya tona asirin ubansa ba, bai kuma ɗaga masa takobi ba. Ya same shi, ya tuna masa alherin da Dawuda ya yi masa, ya roƙe shi kada ya ɗauki alhakin jinin marar laifi. Daga baya, a sura 20, Saul ya zage shi har ya jefe shi da mashi. Duk da haka, ranar da Saul ya faɗi a Dutsen Gilbowa, Jonatan yana fagen yaƙin tare da shi, a nan ya mutu. Ya ƙi umarni ɗaya, bai ƙi ubansa ba. Wanda ya iya rarrabe waɗannan biyu ya gane rabin darasin nan.

Nauyin da yake kan iyaye

A lokacin da Bulus ya rubuta wa Afisawa, dokar Romawa ta ba uba iko mai yawan gaske a kan 'ya'yansa, har bayan sun girma sun yi aure, muddin yana da rai. A irin wannan duniya ce Bulus ya juya ga ubanni a aya ta 4 ya sa musu linzami. Ya hana su tsokanar 'ya'ya har su fusata, ya kuma ɗora musu reno da horo da gargaɗi irin na Ubangiji. A Kolosiyawa 3:21 ya faɗi dalili: don kada zuciyar yaro ta karaya. A 2 Korantiyawa 12:14 kuma ya ambaci abin da kowa ya sani, cewa iyaye ne suke tanadi domin 'ya'ya, ba ƙananan 'ya'ya ne suke tanadi domin iyaye ba.

Saboda haka abinci, da sutura, da wurin kwana, da magani, da karatu, da koya muku hanyar Allah, ba alfarma ake yi muku ba. Haƙƙinku ne, gwargwadon ƙarfin iyayenku. Ku riƙe wannan kalma ta gwargwado. Haƙƙinka ne ka ci, amma ba haƙƙinka ba ne ka ci irin na gidan maƙwabci. Haƙƙinki ne ki yi karatu, amma babbar waya ba ta cikin lissafi.

Horo ma haƙƙinku ne, ko da yake ba ku son jin haka. Yaron da ba a kwaɓarsa, an yi watsi da shi ne. Amma akwai bambanci tsakanin horo da cin zali, kuma ana iya gane shi. Horo yana da laifin da aka sani, yana da iyaka, kuma in an gama an gama, a kira ka a ci tuwo. Cin zali kuwa huce haushi ne: dukan da yake fasa jiki ko ya bar tabo, hana abinci kwana da kwanaki, kulle yaro a waje da dare, kiransa da sunayen da suke kashe zuciya. Wanda kuma ya taɓa jikinka ko jikinki ta hanyar da ba ta dace ba, ko shi wane ne a gidan, wannan ba sirrin gida ba ne da za a rufe. A faɗa wa babban da aka amince da shi a ranar, in bai ɗauki mataki ba a faɗa wa wani.

Zan ce wani abu a kan baki, domin na san yana hana waɗansunku barci. Akwai iyayen da in rai ya ɓaci sai su ce za su tsine, ko uwa ta ce ba ta yafe nononta ba. Ba na raina albarkar iyaye, ina neman ta nawa har yau. Amma ku karanta Karin Magana 26:2, inda aka kwatanta la'anar da ba ta da dalili da tsuntsun da yake ta shawagi bai sauka ba. Yarinyar da ta ƙi aikata zunubi ba ta ƙarƙashin wata la'ana. Iyaye kuma da suke karanta wannan, ku ji tsoron Allah, baki ba bulala ba ne.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. A 2003 aka yi Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya, wadda ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Sai dai kowace jiha sai ta yi tata kafin ta yi aiki a kotunanta, kuma jihohi sukan yi gyare-gyarensu. A nan Jigawa, a watan Disamba na 2021 ne Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a kan dokar kare yara ta jiha.

Abubuwa uku daga dokar tarayya ta 2003 sun ishe mu a darasin nan. Sashe na 15 ya ɗora wa iyaye da masu riƙo nauyin ganin yaro ya gama firamare da ƙaramar sakandare, wato shekara 9 na karatu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma haka ta ce, har ta tanadi hukunci: gargaɗi a karon farko, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1. Sashe na 28 ya yarda yaro ya yi wa danginsa aiki marar nauyi a gona ko a gida, amma ya hana a ɗauke shi aikatau a gidan da ba na danginsa ba. Sai sashe na 19, wanda masu yawan cewa "haƙƙina" ba su cika karantawa ba. Shi ya ɗora wa yaro nauyin girmama iyayensa da manya, da taimakonsu in suna cikin bukata, da ƙoƙarin haɗa kan iyali, daidai da shekarunsa da ƙarfinsa. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ma tana da irin wannan a sashe na 31. Ashe dokar ma gandu da gayauna ta sani.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki

Wannan misali na haɗa shi ne daga irin abubuwan da suke zuwa gaban dattawan ikilisiya, ba labarin wani gida ɗaya ba ne. A ce yarinya ce 'yar shekara 14, a wani ƙauye tsakanin Dutse da Kiyawa, tana aji 2 a ƙaramar sakandare. An gama girbi a watan Oktoba, sai mahaifinta ya ce daga ƙarshen wannan zango ta bar makaranta. Wata mata za ta kai ta Kano aikatau, a riƙa aiko da kuɗin duk wata. Yarinyar tana son karatu. Me za ta yi?

Abu na farko, ta gane abin da yake damun mahaifinta. Sau da yawa ba ƙiyayya ba ce, lissafi ne. A ce su 8 ne a gidan, suna cin kwano ɗaya da rabi na hatsi a rana. Bana ruwa ya yi ɓarna, buhu 9 kacal aka samu. In buhu yana ɗaukar kwano 40, suna da kwano 360 ke nan, wanda zai kai su kwana 240, wato wata 8. Ku ƙirga daga Oktoba: rumbu zai ƙare wajen watan Yuni, daidai lokacin da ake bukatar iri da taki, kuma hatsi yake tsada a kasuwar Shuwarin. Saura wata 4 kafin sabon gero. Wannan rami ne uban yake kallo da dare in kowa ya yi barci. In 'yar ta tafi, baki ɗaya ya ragu, ɗan kuɗi kuma yana shigowa. Yarinyar da ta fahimci haka ba za ta fara da "Baba ba ya ƙaunata" ba.

Abu na biyu, ta san inda gaskiya take. Wannan umarni ba irin na "ɗora tukunya" ba ne. Uban yana neman sauke nauyin da Allah ya ɗora masa ne ya ɗora a kan 'yar shekara 14, ya kuma tura ta gidan da ba wanda zai sa mata ido. Dokar tarayya ta hana abu biyun nan, cire ta daga makaranta da kai ta aikatau. Don haka tana da dalilin yin magana. Amma dalilin yin magana ba lasisin rashin kunya ba ne.

Sai yadda za ta yi maganar. Ba a gaban ƙannenta ba, ba a gaban baƙi ba, ba kuma lokacin da ya shigo da yunwa ba. A al'adarmu akwai kunya tsakanin uba da 'ya, musamman 'yar fari, don haka ƙofar farko ita ce uwa. Ta sami mahaifiyarta su biyu ta ce, "Inna, na ji abin da Baba ya ce, na kuma san hatsin bana ba zai kai mu ba. Amma shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage mini in gama aji 3. Don Allah ki taya ni roƙonsa." In uwar ta buɗe hanya, sai ta durƙusa a gaban uban ta faɗi bukatarta a taƙaice, ta kuma zo da nata gandun a hannu: "Baba, in ka bar ni, duk Asabar da duk hutu zan yi aiki. Zan yi ɓarar gyaɗa da tsinkar zoɓorodo, in taya Inna sana'a bayan an tashi makaranta, abin da na samu na littafi da sabulu ne, ba zan tambaye ka ba." Wannan ba zai cike ramin wata 4 ba, kada mu ruɗi kanmu. Amma yana nuna wa uba cewa 'yarsa ta ga nauyinsa, ta kuma sa hannu a ƙarƙashinsa. Zuciyar uba takan yi laushi a nan fiye da in an karanto masa sashe na 15.

In ya ce a'a, ba a gama ba. Ɗa na kowa ne, kuma Allah bai bar gida ɗaya shi kaɗai ba. Mataki na gaba shi ne wanda uban yake jin nauyinsa: baffa, ko kawu, ko gwaggo, ko kaka in tana da rai. In dangi sun gaza, sai dattijon ikilisiya ko shugabar zumuntar mata. Wannan bin matakai daga ƙarami zuwa babba shi ne tsarin da Matiyu 18:15-17 ya koya mana. A nan kuma nake juyowa gare mu manya. Dattijon da zai je wurin wannan uba da aya kawai, ba tare da ya tambayi yadda za a yi da wata 4 ɗin nan ba, bai yi aikinsa ba. Sau da yawa abin da yake warware irin wannan magana ba wa'azi ba ne. Buhu 2 ne na rance daga wani ɗan'uwa har kaka, ko zumuntar mata ta ɗauki kayan makaranta, ko gwaggon da take cikin gari kusa da makaranta ta karɓi riƙon yarinyar har ta gama. Riƙo a gidan dangi, inda za ta ci gaba da karatu kuma iyaye suna leƙa ta, daban yake da aikatau a gidan wanda ba a sani ba.

Yanzu ga inda abin yakan lalace. Wata takan yi fushi ta daina gaisuwa, ta daina aikin gida, tana zaton yajin aiki zai sa a ji ta. Abin da yake jawowa shi ne uban ya ce, "Kun gani ko? Bokon ne ya lalata ta," ya ƙara ƙarfi a kan shawararsa. Wata takan bazar da maganar a makaranta da majami'a har ta dawo kunnen uban daga waje. Namijin da aka kunyata a gari da wuya ya janye, ko ya san bai yi daidai ba. Mafi muni ita ce wadda take gudu, ko ta saurari saurayin da ya ce zai ɗauki nauyin karatunta. Ta guje wa rami ta faɗa rijiya. Alamar da za ki gane kin kauce ita ce, in kin fara ɓoye wa mahaifiyarki inda kike zuwa da wanda kike magana da shi.

In kuwa an bi duk matakan nan, uban ya kafe, har an sa ranar da matar za ta zo, to lokaci ya yi da manya za su fita da maganar waje. Shugaban makaranta yana da ta cewa, mai unguwa yana da ta cewa, akwai kuma ofishin jin daɗin jama'a a ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Harkokin Mata a Dutse. Ra'ayina shi ne, ba yarinyar ce za ta kai ƙarar mahaifinta ba in akwai babban da zai tsaya mata. Fasto ko dattijo ko kawu ne ya kamata ya ɗauki wannan nauyi, ya kuma faɗa wa uban gaba da gaba cewa zai yi haka, don gobe uba da 'ya su iya zama a tsakar gida ɗaya. Wannan jinkiri da bin matakai na irin wannan matsala ne. In duka ne mai raunata jiki, ko lalata, ba a jiran mataki na uku, a ranar ake neman taimako.

Cikin dukan kwanakin nan da ake kai da kawo, akwai abin da bai canja ba. Da safe za ta durƙusa ta gaishe shi. In ya dawo daga gona za ta kai masa ruwa. In ƙawayenta suka fara zaginsa don su faranta mata, za ta ce su bari, mahaifinta ne. In an yi nasara ta koma aji, alkawarin ɓarar gyaɗa da aikin hutu da ta ɗauka ya zama bashi a kanta, kuma uban zai lura ko ta cika. Asabar ta farko bayan an sasanta, tun kafin a tashe ta, ya kamata a same ta a bakin aikin.